Manomi ya turo hoto dishi-dishi, bai ce uffan ba

Malam, ina da shagon maganin gona. Manoma kan turo min hoto ta WhatsApp, wani dishi-dishi, wani baƙi ƙirin, babu ko kalma ɗaya. Me zan fara yi?

Ka fara da wayarka. WhatsApp yakan nuna hoton da bai gama sauka ba a dusashe, da 'yar kibiya a tsakiya. Idan ka kashe saukar hotuna kai tsaye don tattalin data, duk abin da aka turo maka haka zai zo. Taɓa kibiyar, ka buɗe hoton ya cika fuskar waya, ka ƙara haske, sannan ka zuƙo shi da yatsu biyu.

Idan har yanzu bai fito ba, kada ka yi saurin cewa a sake ɗauka, domin ba ka san abin da mutumin yake nema ba tukuna. Manomi da yawa ya fi sabawa da magana a kan rubutu, kuma a ganinsa hoton ya isa bayani. Aika masa saƙon murya: "Baba, na ga hoto. Wace shuka ce, kwananta nawa, kuma me ka gani da ya dame ka?" Sau da yawa amsar nan kaɗai ta wadatar. Wanda ya turo hoton kwalbar magani a cikin duhu, yana son ya ji ko kana da irinta, ba ya buƙatar sabon hoto muddin sunan da ke jikinta yana karantuwa.

To yaushe ne neman wani hoton ya zama dole?

Duk lokacin da amsarka ta rataya a kan abin da bai fito ba, kuma kuskure zai jawo wa mutum asarar kuɗi ko amfanin gona.

A wata damina wani dattijo ya turo min hoton masararsa bayan magariba. Abin da ake iya gani kawai kore ne mai duhu da wani rawaya-rawaya a gefe. Da na tambaye shi, ya ce masarar ta yi mako huɗu, ganye yana lalacewa, yana son maganin feshi. A wannan hoton abu uku ne za su iya kama da juna. Ƙarancin naitirojin yana farawa daga ganyen ƙasa, rawayar ta taso daga tsinin ganye ta bi jijiyar tsakiya, kuma takin yuriya ne maganinsa. Akwai cutar da ke zana siraran layuka masu rawaya a tsawon ganye, wadda wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa, kuma shukar da ta riga ta kamu feshi ba ya warkar da ita. Sai tsutsar masara da aka fara ganinta a Najeriya a 2016, mai kankare ganye ya zama shara-shara, daga baya ta huda shi.

Na roƙe shi hoto uku da safe: shukar gaba ɗayanta, ganye ɗaya a kusa, da cikin tsakiyar masarar inda sabon ganye ke fitowa. Na ukun ne ya raba gardama. Ga kashin tsutsa nan jibge kamar garin katako, ga tsutsar da ya zaro ya ɗora a tafin hannu, da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar kusurwoyin akwati kusa da wutsiyarta. Wannan ɗigo da 'yar alamar Y a kife da ke goshinta su ne ke bambanta ta da tsutsar kara, kuma ƙanana ne ƙwarai, ko ɗan motsin hannu yana shafe su. Amma hoton farko na safen ya nuna ganyen ƙasa ma ya yi rawaya ta tsakiya. Ashe matsala biyu ce. Da na amsa tun daren jiya da zato, da ɗaya kawai zan faɗa masa.

Rubutun awo da ke jikin kwalba shi ma ba na yarda da cankarsa. A hoto mai hazo 30 da 80 suna iya zama abu ɗaya, ga shi kuwa abin da za a zuba a tankin feshi ne.

Ta yaya zan gane abin da ya ɓata hoton, don in faɗa masa gyaran?

Zuƙo hoton ka duba yadda ya ɓaci. Idan kowane layi ya ja gefe guda kamar an shafa shi da hannu, motsi ne. A cikin duhu kyamara takan daɗe a buɗe tana tara haske. Da rana tana iya ɗauka cikin kashi 1 bisa 500 na daƙiƙa, da magariba kuwa sai ta kai kashi 1 bisa 15, kuma hannun mutum ba ya tsayawa cak har tsawon haka, balle ganyen da iska ke kaɗawa. Maganinsa haske, wato a jira safiya.

Idan ganyen ya dusashe amma ƙasar da ke bayansa ta fito tar, kyamarar ta kama abin da ba shi ake nufi ba, ko kuma an matso da yawa. Yawancin wayoyi ba sa iya kama abin da ya fi kusan santimita 10 kusa. Ya ja baya kamar taƙi ɗaya, ya taɓa ganyen a fuskar waya, ya ɗan jira kafin ya danna.

Idan duk hoton ya yi fari-fari kamar hazon hunturu, gilashin kyamara ne ya sha gumi da ƙura, gefen riga ya ishe shi. Idan kuma shukar ta yi baƙi amma sama ta yi fari fat, ya fuskanci rana ne, sai ya juya mata baya.

Fitilar kyamara ba na ba da shawararta a kan ganye. Tana ƙyalli a jikinsa ta sauya launi, alhali launin muke son gani.

Ba zai ji kamar na raina shi ba idan na ce hotonsa bai yi ba?

Zai iya ji, idan abin da ka ce kawai shi ne "bai fito ba". Faɗa masa abin da ka gani, abin da ba ka gani ba, da dalilin da ya sa kake nema: "Alhaji, sannu da aiki. Na ga masara ce, na ga rawaya, amma ban ga cikin tsakiyarta ba, kuma ba na so in sayar maka da abin da ba shi ne magani ba. Gobe da hantsi a ɗaukar min nan ɗin." Ka haɗa duk buƙatunka a saƙo ɗaya. Gonar wani tana da nisa da gida, wani kuma sai ya ari wayar ɗansa, datar ma saye ake yi. Mayar da shi gona sau uku saboda kana tambaya ɗaya-ɗaya bai kamata ba.

Ya sake ɗauka da rana, amma da na zuƙo sai hoton ya farfashe.

Wannan daga turowa ne. WhatsApp yana matse hoto don ya rage nauyi, ƙananan abubuwa su ɓace. Ya danna HD a saman hoton kafin ya tura, ko ya turo shi ta Document, sai dai hakan ya fi cin data. Hoton da ya bi ta hannun mutum uku ko aka ɗauko daga fuskar wata waya ya riga ya lalace, a nemi na ainihi.

Idan aka yi sau biyu bai yiwu ba, kyamarar ce iyakarta ke nan, ka daina neman hoto. Ya ciro shuka ɗaya da saiwarta, ya sa tsutsar a 'yar kwalba, ya zo maka da su ranar kasuwa.