Maganin bushewar ciki ba iri ɗaya ba ne

A Katsina, da bayan gida ya ƙi fita, sai a nemi filasko, ana ganin duk magungunan aikinsu wankin ciki ne. Ba haka ba ne.

Filasko da ƙwayar maganin bisakodil hanji suke tsikara ya turo kashi cikin awa 6 zuwa 12. Na kwana kaɗan ake shan su, kuma suna sa murɗar ciki. Laktulos kuwa ruwa yake jawowa cikin hanji, yakan kwana biyu kafin ya yi aiki, kada a ce bai ci ba. Ya fi dacewa da kashin da ya bushe ƙam.

Garin isfagula, wato ɓawon irin wani tsiro, kumbura kashi yake yi, sai an sha shi da ruwa sosai, in ba haka ba ya ƙara toshewa. Mai basur da ke gudun yunƙuri, maganin dokuset na tausasa masa kashi, amma ƙarfinsa kaɗan ne.

Idan ciki ya kumbura, ga amai, ko tusa ba ta fita, asibiti za a nufa.