Fassara karin magana a cikin saƙon zumunci

Fassara karin magana a saƙon zumunci shi ne mutum ya ɗauki wasiƙa ko saƙon waya da wani ya aiko wa ɗan'uwansa da Hausa, ya mayar da shi wani harshe, ba tare da karin maganar da ke ciki ta koma shirme ko ta koma zagi ba. A Katsina da Daura aikin nan kullum ana yinsa, sai dai ba a ɗauke shi aiki ba. Kaka za ta yi saƙon murya ta ce a tura wa jikanta da ya tashi a Landan, ɗan kasuwa zai rubuta wa abokin cinikinsa na Legas, uwa za ta aika wa matar ɗanta da ba ta jin Hausa. Wanda ake miƙa wa wayar a ce "kai ɗan boko, faɗa mata da Turanci" shi ne tafintan, kuma yawanci ba wanda ya taɓa koya mashi.

Abin da ya sa aikin ke da wuya shi ne karin magana tana ɗauke da abu uku a lokaci guda. Akwai hoton da ke cikinta, wato dutse ko barewa ko jinka. Akwai ma'anar. Sannan akwai aikin da aka aike ta ta yi, ko lallashi ne ko gargaɗi ko yabo ko habaici. A littafi ko jarida in an rasa ɗaya mai karatu zai wuce abinsa, amma saƙon zumunci mutum ɗaya aka nufa da shi, wanda zai zauna ya yi ta juya kowace kalma yana cewa me Hajiya take nufi da ni. Shi ya sa a wannan fage aikin shi ne gaba, ma'ana ta biyo baya, hoto kuwa in ya samu shiga to madalla.

Hanyoyin da masana suka tsara

Eugene Nida a 1964 ya raba fassara gida biyu: wadda ke bin siffar maganar asali, da wadda ke neman mai karatu na biyu ya ji abin da na farko ya ji. Mona Baker kuma a 1992 ta kawo dabarun da ake bi da irin waɗannan maganganu: a samo wadda ta yi daidai a ma'ana da hoto, ko wadda ta yi daidai a ma'ana amma hotonta daban, ko a warware maganar a fili, ko a bar ta gaba ɗaya. Turawan da suka tattara karin maganar Hausa, irin su Whitting a 1940 da Kirk-Greene a 1966, sun yi aikin adanawa da koyarwa ne, suna da filin da za su kawo fassara su ƙara bayani. Mai tura saƙo a waya ba shi da wannan filin, layi biyu ne ko uku, dole ya zaɓa.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wata dattijuwa ce a Rafindadi cikin Katsina, ɗanta yana aiki a Abuja, matarsa tashin Legas ce ba ta jin Hausa sai gaisuwa. An samu saɓani tsakanin ma'auratan har matar ta kai ƙara wajen ƙawayenta. Hajiya ta kira ƙanwar mijin ta ce ki rubuta mata da Turanci:

"'Yata, na ji abin da ya faru. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ki yi haƙuri, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Mijin naki na ja mashi kunne. Amma ki sani ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kwana biyu ba mu gan ki ba, zumunci a ƙafa yake."

Kafin a taɓa kalma ko ɗaya sai a tambayi kai, me Hajiya ke son yarinyar nan ta ji? Tana son ta ji an goya mata baya, an ɗan ja hankalinta a kan tona sirri, kuma ana son ta zo gida. In Turancin da aka tura bai bar ta da waɗannan uku ba, fassarar ta faɗi ko da nahawunta ya yi kyau.

Harshe da haƙori shi ne mai sauƙi, a ɗauke shi da hotonsa. Kowa yana da baki, kowa ya taɓa cizon harshensa, ba sai an yi wa mutum bayani ba. Ita kuwa zo mu zauna a nan tarko yake, domin Turawa suna da wata magana mai cewa sabo yana haifar da raini, kuma ita ce ke fara faɗo wa wanda ya yi makaranta a rai. Ba su haɗu ba ko kaɗan. Ta Hausa tana cewa saɓani ba komai ba ne, duk masu zama tare suna yi, ta Turawa kuwa tana cewa an raina juna, ka ga in aka tura wannan Hajiya ta zama mai cewa ɗanta ya raina matarsa ko matar ta raina shi. Tunda karin maganar Hajiya biyun nan abu ɗaya suke faɗa, sai a bar zo mu zauna a riƙe harshe da haƙori, ba a rage komai ba.

"Ki yi haƙuri" ta fi kowace ɓata saƙo, kuma wannan wajen ya kamata a tsaya a kansa. Bahaushe in ya ce yi haƙuri yana iya nufin na ba ka haƙuri, ko ina taya ka jin zafi, ko ka daure. Kalmar Turancin da aka fi kawowa ta ɗauki daurewa da jira kawai, mai karɓa sai ta ji kamar an ce ki yi shiru ki zauna, alhali a bakin uwar miji wannan magana rabinta ban haƙuri ne a madadin ɗanta. Gara a raba ta biyu, a ce ban ji daɗin abin da aka yi maki ba, kuma ina roƙon ki daure. Dafa dutse kuma Turawa suna da mai kama da ita, wai abin alheri yana zuwa ga mai jira, ma'anar ta matso amma jira ba wahala a cikinsa, mai dafa dutse kuwa yana gaban murhu yana iza wuta yana shan hayaƙi. Ni dai a nan na fi son a bar dutsen, a ce mu Hausawa muna cewa mai haƙuri har dutse yakan dafa ya sha romonsa. Wannan "muna cewa" ɗin ita ke sanar da mai karɓa cewa karin magana ce, kuma tana sa ta ji muryar dattijuwar, ba muryar ƙanwar miji ba.

Jan kunne a warware shi kawai, na yi mashi faɗa na gargaɗe shi. Ɗan Nijeriya ko ba ya jin Hausa zai iya ganewa, amma jikan da ya tashi a Turai zai ɗauka kama kunnen aka yi da hannu.

Ciki da tuwo shi ne inda zumunci ke iya tsinkewa. Hajiya ta zaɓi karin magana ne don kada ta fito fili ta ce kin tona asirin mijinki, wato karin maganar ita ce sutura. Turawa suna da tasu, kada a wanke kaya masu dauɗa a gaban jama'a, kuma ma'anar ta zo daidai sosai, sai dai nauyin ba ɗaya ba ne, tasu tsawa ce kuma ta riga ta ce akwai dauɗa a gidan. In kuma aka bi kalma da kalma tuwon zai rikita ta, ta ɗauka ana mata maganar girki ko cin abinci. Mafita ita ce a warware a hankali a riƙe suturar, a ce ba kowace magana ta cikin gida ake fitarwa ba, in abu ya dame ki ni uwarki ce ki kira ni. Wannan ƙarin na ƙarshe ba ya cikin maganar asali, don haka a tambayi Hajiya kafin a sa, tafinta ba ya ƙara wa mai saƙo alkawari da kansa.

Kwana biyu ba kwana biyu ba ne, an daɗe ke nan. Zumunci a ƙafa kuma gayyata ce, a ce ziyara ita ke raya zumunci, muna ɗokin ganin ki.

Yadda ake gane an kauce

Gwaji mafi sauƙi shi ne a mayar da fassarar Hausa a karanta wa mai saƙon, ba tare da an gyara mata komai ba. In ta ce "a'a ni ban ce haka ba" to an sauya aikin maganar. Alama ta biyu amsar da ta dawo ce: in an aika lallashi aka samu kare kai, ko aka aika yabo aka samu shiru, a koma a duba karin maganar da aka musanya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne amincewa da maganar da ta yi kama. Ruwa ba ya tsami banza ana haɗa ta da ta Turawa mai cewa ba hayaƙi sai da wuta, amma tasu an fi faɗinta a kan jita-jita, ma'ana abin da ake zargin mutum da shi akwai ƙamshin gaskiya, ta Hausa kuwa tana iya zama tambaya ce ta kulawa, na ga ka canza, me ya faru. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe yawanci yabo ne, takwararta ta tuffa da ba ta faɗuwa nesa da bishiya ana yabo da ita ana kuma suka. Baƙin jini a wajenmu rashin karɓuwa ne wajen mutane, mugun jini a Turanci kuwa gaba ce tsakanin mutum biyu.

Akwai kuma waɗanda ba su ƙetarawa ko an yi yaya, irin wasu daga cikin masu "in ji", kamar ban sa a ka ba in ji ɓarawon tagiya. Daɗinta yana cikin "sa a ka" da ke nufin damuwa da abu kuma yana nufin ɗora hula a kai, wani harshe ba shi da wannan haɗuwa. A saƙo sai a ɗauki ma'anar, ban damu ba, in kuma tsakanin abokan wasa ne kamar jika da kaka a nemo wata tsokanar a harshen mai karɓa a sa a gurbinta.