Kunkunniyar hayaƙi da ɗumamar yanayi

Kunkunniya, wadda masana yanayi ke kira baƙin kabon, ita ce baƙin garin da ke tashi cikin hayaƙi idan makamashi bai ƙone sarai ba. Ita ce ke manne wa gindin tukunya da rufin madafa, ita ce kuma ke fita daga salansar tsohuwar tirela mai shan dizal. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, har suna ratsa huhu su shiga jini.

Yadda take ɗumama iska bai yi kama da na iskar CO2 ba, wato iskar da ba a gani wadda ke fita idan an ƙona makamashi. CO2 zafin da ƙasa ke mayarwa sama take tarewa. Kunkunniya kuwa hasken rana take zuƙa kai tsaye saboda baƙinta, kamar yadda baƙar riga ke ɗaukar zafi a watan Afrilu, sai ta sake shi cikin iskar da ke kewaye da ita. Idan ta sauka kan ƙanƙara a tsaunukan Himalaya ko yankin Arctic da ke can ƙarshen arewacin duniya, takan dusashe farinta, ƙanƙarar ta riƙa shan hasken da a da take mayarwa sama, ta narke da wuri.

Sai dai ba ta daɗewa a sama. Cikin kwanaki kaɗan, ko mako ɗaya zuwa biyu, ruwan sama ya wanke ta ko ta faɗo da kanta, alhali wani kaso na CO2 kan shafe ɗaruruwan shekaru. Don haka in aka daina fitar da ita yau, kafin wata ya zagayo wadda ke cikin iska ta kau.

Fitilar aci-bal-bal ta isa misali. Binciken da aka wallafa a 2012 ya gano cewa kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari na kananzir ɗin da irin wannan fitila ke sha kunkunniya yake komawa. Wato kowane kilo ɗaya na kananzir yana ba da giram 70 zuwa 90, kuma kusan zallarta ce. Alamar tana kan harshen wutar: ja-ja ne, da baƙin zare yana tashi daga lagwani, da safe kuma a ga baƙi a hancin yaran da suka yi karatu kusa da ita. Ranar da aka canza ta da fitila mai cajin rana, hayaƙin ya ƙare ke nan.

Ba kowane hayaƙi ne haka ba, kuma nan ake yawan kuskure. Hayaƙin ƙunar daji da na ɗanyen itace yana ɗauke da wasu ƙwayoyi masu haske da ke mayar da hasken rana, suna rage wani ɓangare na ɗumamar. Shi ya sa rage hayaƙin dizal da na aci-bal-bal ya fi tabbas wajen sanyaya iska. Matatar da ake sa wa salansar dizal tana kama fiye da kashi 90 cikin ɗari na kunkunniya, amma sai da man da farar wutarsa ba ta da yawa, domin mai yawanta yana lalata matatar.