Binciken takardar lissafin kaya

Binciken takardar lissafin kaya shi ne gwada abin da rubutu ya ce ya rage a shago ko sito da abin da aka ƙirga da hannu. Ƙa'idarsa ɗaya ce: a tara kayan farkon wata da waɗanda aka saro, a debe waɗanda aka sayar, saura shi ne kayan ƙarshen wata. A kwamfuta akan rubuta ta kamar haka: `=B2+C2-D2`, inda B2 ke nufin kayan farkon wata, C2 waɗanda aka saro, D2 waɗanda aka sayar.

Asali

Ƙirgar haja ta girmi rubutun boko nesa ba kusa ba. Bayanin da aka fi jingina tsarin yau gare shi shi ne na wani masanin lissafi ɗan Italiya mai suna Luca Pacioli, wanda aka buga a Venice a 1494, ko da yake fataken Italiya sun riga shi aiki da tsarin, wataƙila tun ƙarni na 13. Pacioli ya ce ɗan kasuwa ya fara da lissafa duk abin da ya mallaka, kuma ya gama a yini guda. Wannan sharaɗi bai tsufa ba, domin in ana ƙirga ana ciniki, buhun da aka ƙirga da safe yana iya fita da azahar.

Misali

A ɗauki mai sayar da shinkafa a kasuwar Sabon Gari, Zariya. Ya shiga wata da buhu 40, ya saro 60, ya sayar da 72. Takarda ta ce saura 28, amma da aka shiga sito 25 aka tarar. Giɓin buhu 3 ke nan. Kafin a tuhumi yaron shago, akan duba littafin bashi, don kayan da aka ba abokin ciniki ba a biya ba sun fi kowane saurin kuɓucewa alƙalami. Sai buhun da aka farke ana awo da mudu, da wanda lema ta ɓata, da kayan da aka biya amma mota ba ta sauke ba tukuna.

Girman giɓin ma yakan tona asalinsa. In 9 ta raba shi daidai, mai yiwuwa an juya lambobi ne: 72 da aka rubuta 27 na haifar da bambancin 45. In kuma an sa cinikin buhu 5 a layin sari, bambancin 10 zai fito, wato ninki biyu.

Iyakarsa

Lissafin yana tafiya ne da adadin kaya. In aka yi shi da Naira ba zai daidaita ba, sai an mayar da ciniki kan farashin sari, tunda akwai riba a cikinsa. Takardar da aka cike gurbinta na ƙarshe da lissafi, ba a leƙa sito ba, kullum daidai take fitowa, kuma ba ta tabbatar da komai.

Akwai saɓani kan kimanta ragowar kaya idan farashi ya sauya: wasu na bin farashin sarin baya-bayan nan, wasu matsakaici.