Don hankalinki ya tafi, ba shi ne dalilin daina ƙidayar numfashi ba

A watan nan kaɗai ban san adadin waɗanda suka dawo mini da magana iri ɗaya ba: "Malama, na gwada, ni bai karɓe ni ba." Idan na tambayi sau nawa aka gwada, sai a ce sau biyu. Wani ma sau ɗaya ne, a daren da aka bar asibiti. To jama'a, wane irin aiki ne ake yanke masa hukunci a kwana biyu? Ko gero kuka shuka, kuna tono shi washegari ku ga ko ya tsiro?

Ga waɗanda ba su san zancen ba, ga yadda yake. A ƙaramin asibitinmu na ƙauye, nan ɓangaren Ringim, muna yawan samun masu zuwa da kukan rashin barci da faɗuwar gaba, su ce tunani ya yi musu yawa. Mukan auna jini, mu duba ko akwai zazzaɓi ko wata cuta, mu ba da magani in akwai buƙata. Bayan haka nakan koya wa mutum ƙidayar numfashi, ya riƙa yi a gida minti biyar. Tsohuwar dabara ce, masu bin tafarkin Zen na addinin Buddha a Japan sun daɗe suna fara koyar da sababbin ɗalibansu da ita. Abin da muka ɗauka shi ne ƙidayar kawai. Ba ibada ba ce, ba ta maye gurbin salla ko zikiri ko addu'a, kuma babu wata kalma da ake karantawa sai ɗaya, biyu, uku.

Yadda ake yi ba wuya. Ka zauna a tabarma ko kujera, bayanka a miƙe amma kada ka sandare. Ka rufe ido, ko ka sauke kallonka ƙasa. Ka bar numfashi ya shiga da kansa ya fita da kansa. Duk lokacin da ya fita, ka ce "ɗaya" a zuci. Na gaba "biyu". Haka har goma, sannan ka koma ɗaya. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, saboda haka zagaye ɗaya yakan ɗauki daƙiƙa talatin zuwa hamsin ga yawancin mutane. Idan lissafi ya ɓace maka, ka koma ɗaya. Shi ke nan fa.

Wannan ta ƙarshen, komawa ɗaya, ita ce mutane ke ɗauka faɗuwa, alhali ita ce aikin.

Bari in ba ku labarin wata baiwar Allah mai sana'ar ƙuli-ƙuli, dattijuwa ce, ta yi jika. Tun da damina ta ja baya ba ta samun barci. Na koya mata ranar Litinin, ta dawo mako na zagayowa tana cewa, "'Yar nan, ni zuciyata ba irin ta mutane ba ce. Ko huɗu ba na kaiwa." Na ce, "Inna, zauna mu yi tare." Na ɗebo wake a hannu na ba ta, na ajiye murfin kwano a gabanta. Na ce duk lokacin da ta farga hankalinta ya tafi, ta jefa ƙwaya ɗaya a murfin ta koma ɗaya. Na duba agogo.

Ba a yi rabin minti ba na ji ƙaras, ta farko ta faɗa. Daga baya ta gaya mini a kan uku ta tuna zubin adashi na ranar Juma'a. Ta biyu kuma kukan akuya ta ji a bayan katanga, ya kai ta ga tata akuyar, daga nan ga jikanta da ya bar ƙyaure a buɗe, daga nan ga uwarsa da maganar da ta faɗa mata a gidan suna. Wani karon sai ta tsinci kanta tana cewa goma sha shida, ta wuce goma ba ta sani ba. Da minti biyar ta cika muka ƙirga, wake goma sha uku. Ta dube ni ta ce, "Kin gani ko? Sau goma sha uku na ɓata."

Na ce, "A'a Inna. Sau goma sha uku kika kama hankalinki yana yawo kika dawo da shi. Jiya da daddare da kika kwanta, sau nawa kika kama shi?" Ta yi shiru, sannan ta ce ko sau ɗaya, har aka kira assalatu tana lissafin kuɗin gyaɗa.

Abin da nake so ku gane ke nan. Ba a ba ku ƙidayar don ta hana tunani zuwa ba. An ba ku ita don ta tona asirin hankali idan ya sulale. Mutum yana iya yin minti ashirin a cikin tunani bai ma san ya tafi ba, amma wanda yake ƙirge, da ya ga lambar ta ɓace ya san an yi tafiya. Kamar turke ne. Akuyar da aka ɗaure ba ta daina ja, sai dai igiya ta dawo da ita. Wa ya taɓa tuge turke don akuya ta ja?

Me ya sa hankali ke tafiya? Don halinsa ne, na kowa da kowa. A shekarar 2010 wasu masu bincike na jami'ar Harvard sun riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta waya a lokuta daban-daban, suna tambayarsu me suke yi kuma me suke tunani. Kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin, hankalin mutanen ba ya kan abin da suke yi. Kusan rabi ke nan, kuma waɗannan lafiyayyu ne suna cikin harkokinsu. Ƙwaƙwalwa idan ba ta da aiki mai nauyi a gabanta sai ta koma tuna jiya da shirya gobe, numfashi kuwa ba abu ne mai jan hankali ba. Ku ma kun sani ba sai Turawa sun faɗa ba. Wane ne a cikinmu bai taɓa tsayawa a salla yana kokwanton raka'a ta uku yake ko ta huɗu ba? Don me malamai suke koyar da ƙabli da ba'adi, in ba don an san ɗan Adam mai rafkanwa ne ba? Amma ban taɓa jin wanda ya ce ya bar salla don ya yi rafkanwa ba. Sai a ƙidayar numfashi ne za a ce mini "bai karɓe ni ba."

Akwai kuma masu cewa tunda suka fara, tunanin ƙaruwa ya yi. Yawanci ba ƙaruwa ya yi ba, yanzu ne kuka zauna kuka gan shi. Ƙurar ɗaki tana nan tun da, sai hasken rana ya shigo ta taga ake ganinta tana yawo.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kokawa. Mutum ya ɗaure fuska, ya cije haƙora, yana korar tunani kamar mai korar kaji daga shanya. Gwada wannan yanzu: kada ka tuna farin raƙumi. Me ka gani? An yi irin wannan gwaji a Amurka tun 1987, wani masani Daniel Wegner ya hana mutane tunanin wata farar dabba, sai ga shi ita ce ke ta faɗo musu. Tunanin da ka matsa wa lamba ya fi dawowa. Idan adashi ya zo, ka ce a ranka "adashi ne", ka koma ɗaya. Ban da tsaki, ban da zagin kai. Mai cewa "kai, ni dai ban da amfani" ya ƙara wa kansa wani sabon tunanin ne a kan na da.

Wasu kurakurai da nake gani, in faɗe su a gurguje. Kada ku riƙa jan numfashi da ƙarfi kuna sauri don ku kai goma. Wani matashi ya zo mini da jiri da tsikarin yatsu, ashe haki yake ta yi. Idan haka ta faru a tsaya, a bar numfashi ya koma yadda yake, zai wuce. Kada a riƙe numfashi. Idan baki na ƙirga daidai har goma amma hankali yana kasuwar Gujungu, a mai da shi kan iskar da ke fita ta hanci ko kan cikin da ke sauka, lambar ta biyo baya. Mai gyangyaɗi ya buɗe ido, ya daina yi a kwance ko bayan ya cika ciki da tuwo. A zaɓi lokaci ɗaya kullum, bayan asuba kafin yara su tashi ya fi wa mata da yawa sauƙi. Minti biyar. Wanda biyar ta yi wa yawa ya yi uku, wanda goma ta yi wa nisa ya tsaya a biyar ya koma ɗaya. Waken nan kuma na gwajin rana ɗaya ne, kada ya zama wani sabon lissafin.

Sannan ku ji ni da kyau. Wannan ba maganin hawan jini ba ne, wanda aka ɗora a kan magani ya ci gaba da sha. Mai ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙe masa, ko ƙafa na kumbura, asibiti zai zo yau, ba zama zai yi yana ƙirge ba. Akwai kuma wanda da ya mai da hankali kan numfashi sai tsoro ya taso masa, ko wani mugun abu da ya taɓa gani ya dawo masa. Wannan ya buɗe ido ya dakata, ya zo mu yi magana, ba dole sai wannan hanyar ba. Wanda ya yi makonni ba ci ba barci, ko yana jin muryoyi, ko yana jin gara ya mutu, 'yan'uwa su kawo shi mu tura shi wurin likitocin ƙwaƙwalwa, irin na Kazaure ko Dawanau. Kuma don Allah a bar zuwa kemis sayen ƙwayar barci ba da takardar likita ba.

Innar nan ta dawo bayan mako uku karɓar maganinta. Na tambaye ta ko tana kaiwa goma yanzu. Ta ce wata rana ta kai, wata rana a huɗu take ta faɗuwa, musamman ranar zubi. Barcin ma bai gama daidaita ba, amma idan ta farka cikin dare ta kama lissafin gyaɗa, takan farga da wuri ta koma ƙirge. Na ce ta ci gaba, ta dawo ranar awo.

Ku da kuka ajiye, yau ne za ku sake ɗauka. Ku yi mini mako biyu cur, kullum minti biyar, sannan ku zo ku faɗa mini sau nawa kuka koma ɗaya. Wanda ya zo mini da "bai karɓe ni ba" bayan kwana biyu, wake na nan a aljihun tebur, tare za mu zauna.