Waiwaye: Yadda ƙuri'a ta warware gardamar maganin homon da ciwon zuciya

A shekarar 1976 masu bincike na Jami'ar Harvard da ke Amurka suka fara bin diddigin lafiyar mata ma'aikatan jinya sama da 120,000, suna aika musu takardun tambayoyi duk bayan shekara biyu. A rahotannin da suka fitar a 1985 da 1991 an ga cewa matan da al'ada ta ɗauke musu, waɗanda suke shan ƙwayar homon ta istirojin, wato sinadarin da jikin mace ke samarwa wanda yakan ragu bayan ɗaukewar al'ada, ciwon jijiyoyin zuciya ya fi ƙaranci a cikinsu, har rahoton 1991 ya nuna ragin da ya kusan kai rabi. Likitoci da dama suka ɗauki wannan a matsayin hujja, suka riƙa rubuta wa mata maganin domin kariyar zuciya.

Alƙaluman ba ƙarya ba ne. Matsalar ita ce ba masu binciken ne suka zaɓi wadda za ta sha maganin ba. Matan ne da likitocinsu suka zaɓa. A wancan zamani, macen da ke neman wannan magani galibi ta fi wadata, ba ta da ƙiba sosai, ta fi zuwa asibiti a kan kari, kuma likita yakan yi ɗari-ɗari wajen rubuta shi ga wadda ya ga lafiyarta ba ta da ƙarfi. Saboda haka tun kafin a haɗiyi ƙwaya ko ɗaya, rukunin masu sha ya riga ya fi na marasa sha ƙoshin lafiya. Idan an ga bambanci daga baya, ba yadda za a yi a tantance ko maganin ne ya kawo shi, ko kuwa halin rayuwar da ya kai matan ga maganin.

Masu binciken ba sakarkaru ba ne, sun cire tasirin shekaru da shan taba da hawan jini da makamantansu ta hanyar lissafi. Amma lissafi yana iya gyara abin da aka auna ne kaɗai. Abin da ba a tambaya ba, ko aka tambaya aka sami amsa ta sama-sama, yana nan ɓoye cikin sakamakon, kuma ƙara yawan mutanen da aka tambaya ba ya kawar da shi.

Mafitar ta girmi wannan gardama. A shekarun 1920 masanin ƙididdiga Ronald Fisher, yana aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ya nuna cewa ya kamata ƙuri'a, wato rabo na sa'a ba zaɓin mutum ba, ta yanke wane fili ne zai sami wane taki. A 1948 aka buga gwajin maganin tarin fuka na sitireftomaisin a Birtaniya, wanda masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill ya tsara rabonsa da lambobin ƙuri'a. Hikimar ita ce ƙuri'a ba ta san mai kuɗi ko talaka ba, ba ta san mai motsa jiki ko malalaci ba, don haka idan mutane suna da yawa, duk waɗannan halaye, sanannu da ɓoyayyu, sukan rabu kusan daidai tsakanin rukunan biyu. Abin da ya saura na bambanci shi ne maganin, sai kuma ɗan saɓanin sa'a wanda ake iya ƙiyasta girmansa.

Wannan hanya aka bi a babban gwajin lafiyar mata na Amurka mai suna Women's Health Initiative. An ɗauki mata 16,608 masu shekaru 50 zuwa 79, ƙuri'a ta ba wasu haɗin istirojin da wani homon mai suna furojestin, wasu kuma ƙwaya mai kama da ita wadda ba magani a cikinta. A watan Yulin 2002 aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa, bayan kimanin shekara biyar. Maimakon raguwa, ciwon zuciya ya ƙaru da kashi 29 cikin ɗari a rukunin masu shan maganin, wato ƙarin mata bakwai cikin kowace 10,000 a shekara, tare da ƙarin shanyewar ɓarin jiki da sankarar mama.

Sai dai gwajin ƙuri'a yana amsa tambaya ne game da irin mutanen da aka saka a cikinsa. Matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne, alhali yawancin ma'aikatan jinyar sun fara shan maganin dab da ɗaukewar al'adarsu, kuma nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa lokacin farawa yana iya sauya sakamakon. Akwai kuma tambayoyin da ba a yi musu ƙuri'a, domin babu wanda zai umarci rabin jama'a su sha taba shekara ashirin. Fisher da kansa ya fake da wannan a ƙarshen shekarun 1950, yana musun cewa taba ce ke kawo sankarar huhu, kuma bai yi daidai ba: girman alaƙar, da ƙaruwar haɗarin gwargwadon yawan sha, da raguwarsa ga waɗanda suka daina, su ne suka tabbatar da sanadin ba tare da gwaji a kan mutane ba.