Kalmomin Faransanci da ke yaudarar mai jin Turanci

Malam, na fara karanta jaridun Nijar da ɗan Faransancin da na koya. Kalmomi da yawa kamar Turanci suke, amma sai fassarata ta bauɗe. Ina matsalar take?

Kama da wane ba ta wane, ɗan'uwa. Bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, Turanci ya ɗebi kalmomin Faransanci masu ɗimbin yawa, daga baya ma'anar wasu ta raba hanya. Ga jimlar da na haɗa irin ta jarida:

*L'ancien ministre, qui assistait à la réunion, a demandé un délai.*

Mai jin Turanci zai ce wani dattijon minista da ya taimaka a taron ya kafe sai an jinkirta. Ko kusa. Cewa aka yi tsohon minista, wanda ya halarci taron, ya nemi a ba shi wa'adi. Dubi *ancien*: in ta zo gaban suna, mutum ya bar kujera ne, ko da shekarunsa 40, sai ta zo bayan suna take nufin daɗaɗɗe. *Assister* kuwa, ƙaramar *à* ɗin nan ce alƙali. In tana nan, halarta ce kawai. In babu ita, kamar *assister les victimes*, to taimako ne.

Wadda ta fi ɓata labari a ganina ita ce *demander*. Nema ne ko tambaya, cikin lalama. In ƙungiyar ƙwadago ta ja daga ta ce dole a biya ta, *exiger* za ka gani. Wanda ya haɗa su ya mai da roƙo barazana, kuma na sha ganin an yaɗa irin wannan fassara a waya ana ta tada jijiyar wuya a banza.

To *éventuellement* fa? Ba "daga ƙarshe" ba ne?

A'a, "wataƙila" ne, ko "in ta kama". In aka ce za a ɗage zaɓe *éventuellement*, ba a yanke komai ba tukuna. "Daga ƙarshe" shi ne *finalement*.

A labarin kasafin kuɗi ina ganin *milliards*, ban taɓa ganin *billion* ba.

*Milliard* shi ne biliyan ɗinmu, wato miliyan 1,000. *Billion* ta Faransanci kuwa tiriliyan ce, ta ninka ta Turanci sau 1,000. 'Yan jarida ba su cika amfani da ita ba, sun fi rubuta *2 000 milliards de FCFA*, wato sefa tiriliyan 2. Ka lura da waƙafi ma: *2,5 milliards* biliyan biyu da rabi ne, don su da waƙafi suke yin abin da muke yi da ɗigo.